Kafin ka biya kuɗin waya, tambayi shekarun da suka rage mata

Tun jiya da na ce an cuci ƙanwata, an sayar mata da wayar da kamfaninta ya daina sabuntawa, mutane ke ta rubuto min cewa na cika tsanani, wai yarinya ta yi sabuwar waya, maimakon in taya ta murna na tsaya neman aibu. To ku saurara da kyau, ban janye ko kalma ɗaya ba. An cuce ta. Kuma irin cutar da ake yi wa dubban mutane ce kullum a kasuwannin waya, suna biya suna godiya.

Wata goma tana zubin adashe daga ribar turaren wuta da humra. Ta ɗauki kwasarta, ta cika da abin da ke hannunta, ta ba da naira dubu 185. Waya a kwali, da ledarta, ba wanda ya taɓa kunna ta. Ta miƙo min tana murmushi, ta ce, "Yaya, duba min kamarar nan, ka ga yadda take fito da kwalaben turare." Kamara kam ta yi kyau. Ni kuwa na wuce ciki na duba ranar da wayar ta samu facin tsaro na ƙarshe, wato gyaran da kamfani ke turowa don toshe ƙofar masu kutse, na ga Maris 2023. Na danna neman sabuntawa, ta ce babu, wai tana kan na ƙarshe. Da na bincika sai na tarar samfurin ya fito tun 2021, kamfanin kuma ya daɗe da sallamar sa. Wato ta sayi sabuwar waya wadda masu ita suka riga suka yi wa sallar gawa.

Na koma shagon da ita. Na tambayi mai shagon shekara nawa suka rage wa wayar nan a samun faci. Ya ce, "Yallaɓai, ai waya ba ta ƙarewa, ba madara ba ce. Ga ram, ga memori, ga batir mai kwana biyu." Ban ma zarge shi da ƙarya ba, na lura har ga Allah bai san abin da nake nufi ba. Wannan ya fi ɓata min rai. Mutum yana sayar da waya shekara da shekaru, ya haddace megafiksel na kowace kamara, amma bai san kayansa suna da wa'adi ba.

Waya tana da wa'adi. Ba a rubuta shi a jikin kwali kamar na madara, shi ya sa ba mu ganinsa. Manhajar da ke tafiyar da waya rubutu ne na ɗan adam, layi miliyoyi, kuma kullum ana gano ɓaraka a cikinsa. Kowane wata Google na fitar da jerin ɓarakar da aka gano a Android tare da gyaranta. Sai dai gyaran ba ya tasowa daga Google ya faɗo wayarka kai tsaye. Dole kamfanin da ya ƙera wayar ya karɓa, ya haɗa da gyaran masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar irin su Qualcomm da MediaTek, ya gwada a kan wannan samfurin, sannan ya turo maka. Aikin nan kuɗi yake ci, ma'aikata ake biya. Ranar da kamfani ya ga samfurin ya daina kawo masa riba, sai ya daina. Daga ranar, duk ramin da aka gano yana nan a buɗe a wayarka har ta mutu. Abin tsoron shi ne jerin nan a fili ake wallafa shi, kowa na iya karantawa. Mai gyara ya karanta, ɓarawo ma ya karanta. Kamar a yi shela a unguwa ne cewa irin kwaɗo kaza yana buɗuwa da ƙusa, maƙwabta duk su canza nasu, kai kuma a ce maka an daina yin na ƙofarka.

Wani ya ce min wannan duk tatsuniyar Turawa ce. A 2015 an gano ɓarakar da aka sa wa suna Stagefright, wadda saƙon MMS mai ɗauke da bidiyo kaɗai ya isa a shiga waya da shi, kuma aka ƙiyasta ta shafi wayoyin Android kusan miliyan 950. A Satumba 2023 an gano wata a hanyar da na'urori ke buɗe hoto nau'in WebP, an kuma tabbatar ana amfani da ita wajen kai hari. Hoto fa, ba wani abu ba. Gyaranta ya shiga facin Android na Oktoba 2023. Wayar ƙanwata ta tsaya a Maris. Yarinyar da sana'arta gaba ɗaya hotuna ne da alat, baƙin lambobi na turo mata saƙo dare da rana, manhajar bankinta da lambar sirrin da banki ke turowa duk a cikin wayar nan suke.

Na san abin da za ku ce: "Tawa shekara biyar ba ta yi afdet ba, kuma ba abin da ya same ni." Alhamdulillahi, Allah ya ci gaba da tsarewa. Na kuma yarda yawancin satar da ake yi mana a nan ta kiran waya ce, a yaudari mutum ya karanto lamba, ko a sace layinsa. Amma rashin shigowar ɓarawo jiya ba ya mayar da gida marar ƙyaure mai ƙyaure. Kuma in ma an shiga, ta ina za ka sani? Irin wannan kutsen ba ya ƙara, ba ya nuna alama. Wani kuma ya ce ai Play Store na sabunta masa komai. Yana sabunta WhatsApp da Chrome da sauran manhajoji, akwai kuma `Google Play system update` da ke gyara wasu sassa tun daga Android 10. Amma can ƙasa, inda Bluetooth da Wi-Fi da ƙwaƙwalwar waya ke aiki, mafi yawan gyaran sai kamfanin da ya ƙera ta. Fenti daban, tubali daban.

Ko ka cire maganar ɓarayi, manhajoji ma gudu suke su bar tsohuwar waya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone ɗin da ba ta kai iOS 15.1 ba, nan take iPhone 5s da 6 da 6 Plus suka fita daga layi, alhali gilashinsu lafiya, batirinsu na ɗaukar caji. Manhajojin banki ma haka suke ɗaga ƙa'ida lokaci zuwa lokaci.

Shi ya sa nake cewa farashin da ke bakin mai shago rabin labari ne. Google ta yi wa wayarta Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara 7, daga Oktoba 2023 zuwa Oktoba 2030. Samsung ta yi wa Galaxy S24 na 2024 alkawarin shekara 7. Kada wani ya ce wannan na masu kuɗi ne: Galaxy A16, wadda ke rukunin masu sauƙi, shekara 6 aka yi mata, A15 da ta gabace ta kuwa shekara 5 na facin tsaro. Tarayyar Turai ma daga 20 ga Yuni 2025 ta sa dokar shekara 5 aƙalla bayan an daina sayar da samfuri a kasuwarta. Wannan dokarsu ce, ba ta bin wayar da aka ƙera don kasuwarmu. Mu ba mai tambayar mana, sai mu tambayi kanmu.

Ga inda ake kayar da mutane, ku riƙe shi: alkawarin kamfani daga ranar da samfurin ya fito yake fara ƙirguwa, ba daga ranar da ka saya ba. Wayar shekara 4 da ta fito shekara 3 da suka wuce, shekara ɗaya ka saya, ko da kai ka yage ledarta. Masu son ta hannu daga Landan, ku ma abin ya shafe ku. iPhone 8 da iPhone X sun tsaya a iOS 16, XR da XS sun tsaya a iOS 18. Apple kan ci gaba da turo musu gyaran tsaro jefi-jefi, amma ana kan gangara ne. Sannan a bambance abu biyu: ɗaga Android daga 14 zuwa 15 daban, facin tsaro daban. In aka ce maka "shekara biyu", tambaya na wanne. Wasu kamfanonin kuma suna farawa da faci wata-wata, in waya ta kwana biyu su koma bayan wata uku, daga nan bayan wata shida.

Mu yi lissafin da na yi wa ƙanwata a bayan rasit ɗinta. A ce ga waya ta dubu 180 da shekara 2 suka rage mata, ga ta dubu 240 mai alkawarin shekara 6 wadda ta fito bara, wato saura 5. Ta farko dubu 90 take cinka a shekara. Ta biyu dubu 48. Ko ka ƙara kuɗin canza batir a shekara ta uku, don ba batirin da zai kai ka ƙarshe da ƙarfinsa, ta biyun ce mai arha. Ranar da za ka sayar ma ita ce mai sauran daraja. Ita kuwa tata, dubu 185 a raba da sifili, ban ma san me zan rubuta mata ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, da na sani da na ƙara wata biyu a adashen." Maganar nan ce ta hana ni barci.

Dubawar ba ta kai minti ɗaya ba. A yawancin wayoyin Android ka shiga `Settings`, sai `About phone`, sai `Android version`, za ka ga `Android security update` da kwanan wata. A Samsung yana cikin `Software information`, da sunan `Android security patch level`. Sabuwar waya na iya nuna tsohuwar rana saboda zaman kwali, don haka a sa mata data a shagon a danna `Software update` ko `System update`. In ta jawo sabo ta matso kusa da yau, tana da rai. In ta ce babu, ranar kuma ta haura shekara, ka ajiye musu kayansu. Ka kuma rubuta lambar samfurin ka duba shekarar fitowarsa da alkawarin kamfanin a shafinsa. Kamfanin da bai faɗi shekaru a ko'ina ba, ka ɗauka kaɗan ne. Kar ka ji kunyar tambaya, gumin ka ne.

Mai shagon ya ƙi karɓar wayar ƙanwata, ya ce an buɗe kwali. Mun dai cire manhajar banki daga kanta, ta koma yin taransifa da lamba a ƙaramar wayarta kafin Allah ya hore wata.

Wani abu ma da na gani a shagon. Wata dattijuwa ta sayi waya, yaron shago ya buɗe mata Gmail, shi ya zaɓi kalmar sirri, ya sa lambar wayarsa a wurin dawo da akawun, bai ko rubuta mata a takarda ba. Na ce masa, "Ƙanina, in ta manta fa, ko ka bar shagon nan?" Ya ce ai haka suke yi wa kowa. Ku je ku duba wayoyin iyayenku yau, ku ga lambar wa ke ciki.