Direba Suka Rubuta, Ɗan Dako Suke Nema

Tallar layi shida ce kacal, an manna ta a bangon wata baƙala, wato kantin kayan masarufi, kusa da Bab Sharif, tsakanin lambar mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da cigiyar ɗakin haya. Ga abin da ta ce da Larabci: ana neman direban rabon ruwan sha a kudancin Jidda, albashi riyal 2,200 shamil, ikama mai yiwuwar canza kafili, aiki kashi biyu a rana, ƙoshin lafiya, fara aiki nan take. Sai lambar waya.

A lokacin kwantiragina da wani kamfanin kayan ɗaki ta kusa ƙarewa, kuma na gaji da ɗaga kujerun mutane. Ina ganin kalmar direba sai na hango kaina a kan kujera mai laushi, iska tana kaɗa ni, ana karatun Alƙur'ani a rediyo, ni dai aikina murza sitiyari. Na ɗauki hoton takardar na nufi wurin Kawu.

Kawu ba ƙanin mahaifiyata ba ne, amma a lokacin duk Bahaushen da ke unguwar Karantina haka yake kiransa. A Shara Mansur ta Makka aka haife shi, ya yi tuƙi, ya yi gadi, ya yi tsaron sito, yanzu ya zauna yana sayar da shayi yana ba da fatawa kyauta. Ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya karanta, ya miƙo mini.

"Ɗana, layi nawa ka gani?"

Na ce shida.

"To ni goma sha biyu na gani. Zauna."

Ya fara da shamil. Ni a tunanina yabo ne, wato albashi cikakke. Kawu ya ce cikakke ne kam, don an cusa komai a ciki: kuɗin gida, kuɗin mota, abinci, duka. Kamfanin da zai ba ka masauki ba ya jin kunyar faɗa, da manyan baƙaƙe ma yake rubutawa, don shi ne abin jan hankalin. Tunda ba su ambaci masauki ba, babu shi. Muka zauna muka yi lissafi a bayan kwalin madara. Gado a ɗakin mutum huɗu, riyal 500. Ful da tamis da safe, shinkafa da rana, abin da ya samu da dare, a ƙalla 500. Katin waya da intanet 100, don mai rabon ruwa ba ya rayuwa babu taswirar waya da kiran masu gida. Kafin in tuna da gida Kano, rabin kuɗin ya tafi. Wato sharaɗi na farko da ba a rubuta ba shi ne ka zo da wurin kwananka.

Kuma ba ko'ina ba. Nan ne "kashi biyu" ya shigo. Kawu ya ce irin wannan aiki yawanci bakwai na safe zuwa sha biyu ne, sai huɗu na yamma zuwa tara. Tsakiyar ranar ba don suna tausayinka suka bar maka ba: daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku, ga shi kuma masu gida suna ƙailula. To awa huɗun nan ina za ka yi su? Idan ɗakinka yana Kilo 14, ko ka yi zirga-zirga sau huɗu a rana da kuɗin aljihunka, ko ka shimfiɗa kwali a inuwar sito. Suna son wanda ke kwana kusa da su, amma ba su faɗa ba, don in sun faɗa za a tambaye su ɗaki.

Ni da kaina na gano na gaba, har Kawu ya ƙara mini shayi. Biyar da biyar goma ne. Dokar ƙwadago ta ce awa 8 a rana, 48 a mako, a Ramadan kuma 6 ga Musulmi. Awa goma sau kwana shida sittin ke nan, rarar awa 12 kowane mako. Kuɗin awar rara shi ne kuɗin awarka da ƙarin rabin na ainihin albashi. Riyal 2,200 in ka raba kwana 30, ka sake rabawa 8, awa ta kama riyal tara da 'yan halala. In a ce ainihin albashin 1,600 ne, ƙarin ya kama uku da ɗoriya, awar rara ta tashi kusan 12 da rabi. Riyal 150 a mako, wajen 600 a wata. Na ce, Kawu, ai wannan ƙari ne mai kyau. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Shamil ta riga ta haɗiye shi, sai dai in ka sa an rubuta a kwantiragi."

Batun ikama kuwa, wato katin izinin zama, da kafili, mai gidan da katin ke ƙarƙashin sunansa, a nan tsohon ya gyara zama. Ya ce layin nan guda ɗaya 'ya'ya huɗu gare shi. Ikamarka ba ta mutu ba. Kafilinka bai kai ƙarar ka gudu ba. Sana'ar da ke rubuce a katin ta dace da tuƙi, ko za a iya canza ta. Direban gida, alal misali, ma'aikacin cikin gida ne a idon hukuma, harkarsa tana manhajar gwamnati ta Musaned, ba ta bi hanyar manhajar Qiwa irin ta ma'aikatan kamfani. Sannan ka cika shekara a inda kake ko kwantiragi ta ƙare, wanda tun gyaran dokar Maris 2021 yake ba ka damar tafiya ba sai ka durƙusa wa kafili ba. Sai kuma jikan da ba a ambata: kuɗin canjin. Karon farko riyal 2,000 ne, na biyu 4,000, na uku 6,000, kuma doka ta ɗora shi a kan sabon mai gida. Saboda haka, in ji Kawu, a zuciyarsu wanda bai taɓa canzawa ba suke so, in kuwa ka taɓa, za ka ji ana cewa "mu raba".

"To nan take fa?" na tambaya.

"Nan take da canza kafili kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya. Canji yana cin kwanaki, sai sun tura buƙata ka amince a wayarka. In ka hau motarsu kafin sunanka ya koma kansu, kana yi wa wanda ba kafilinka ba aiki. Jawazat, jami'an shige da fice, suka tare ka, kai za a sa a mota, mudir, wato manaja, yana ofis yana shan gahawa. Nan take kuma tana nufin wanda ke kan aikin ya tafi ba sallama. Ka tambayi dalili."

Ya ƙara da cewa motar rabon ruwa ba ta gida ba ce, motar kaya ce, ko ƙaramar da ake kira dabbab ko babbar da ake kira daina, giyar hannu, kuma lasin ɗaukar kaya take so. Ruwan sha ne, don haka sai da shahadar lafiya ta baladiyya, wato hukumar gari. Waɗannan ina da hanyarsu, ban damu ba. Ƙoshin lafiya kuwa muka wuce shi da sauri. Na bugi ƙirji na ce ko mura ban cika yi ba. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai aka kira sallar magariba.

Washegari na fito kamar mai zuwa ɗaurin aure. Farar jallabiya mai guga, turaren oud na aro, takardu a cikin jaka, tambayoyina a rubuce. Siton yana ƙasan wani tsohon bene a Gulail. Galan-galan shuɗaye jere har rufi, daina ɗaya a ƙofa, gefenta duk a lotse. Na tarar da wani ɗan Bangladesh yana lissafi, na ce mudir nake nema. Ya kira shi a waya, ya saurara, ya ce mini yana hawa na huɗu, lif ta lalace, kuma ya ce don Allah in taho masa da galan biyu tunda hawa zan yi.

Na ce ai taimako ne, ladan safiya. Galan ɗaya lita goma sha tara ne ba kaɗan, wato kusan kilo 19, ba shi da mariƙi, ga santsin raɓa. Na ɗora ɗaya a kafaɗa, na shaƙe wuyan ɗayan da hannu, na cije jakar takardu da haƙora. Hawa na farko lafiya. A na biyu na fara jin bugun zuciyata a kunne. A na uku na tsaya na jingina da bango, kuma a nan ne layin ƙoshin lafiya ya buɗe mini sarai. Tallar ba ta ambaci yaron mota ba. Unguwannin da ake nufi, Gulail da Sabil da Karantina, a wancan lokacin cike suke da tsofaffin benaye marasa lif. Direban shi ne mai lodi, shi ne mai saukewa, shi ne mai hawa. Ina cikin wannan tafsiri murfin na kafaɗa ya ɓalle, ruwa ya bi wuyana ya gangara har cikin takalmi. Turaren aro ya tafi, jallabiya ta manne.

Na isa ofis ina ɗiga. Mudir ya dubi agogonsa kafin ya dube ni.

"Minti shida. Ba laifi. Amma ɗaya ya zube, riyal ɗin a kanka."

Ashe jarrabawar ke nan, an gama. Na zauna a bakin kujera, na zaro takardata da ta jiƙe, na fara. Galan nawa a rana? Ya ce 120, in an yi zafi ya fi. Na buga a kaina: kilo 2,280, sama da tan biyu, kuma kowanne sau biyu za ka ɗaga shi, lodi da saukewa. Mataimaki? Ya ce Allah ne mataimaki. Na ce haka ne, ya mudir, amma na bayan mota nake nufi. Bai yi dariya ba. Masauki? Shamil. Awar rara? Shamil. Tarar Sahir, kyamarar kan titi, da ta ajiye mota a lungun da babu wurin tsayawa? Wannan, in ji shi, wanda ya riƙe sitiyari. Kuɗin canza kafili? "Mu raba, kamar 'yan'uwa."

Na ce wanda ke aikin da fa, ina ya tafi?

Ya ɗan sosa gemu. "Bayansa ne. Ba shi da haƙuri."

Ya ce in fara gobe, gwajin kwana uku, takardu daga baya in sha Allah. Na ce ranka ya daɗe, a turo buƙatar a Qiwa tukuna, a rubuta awanni da ainihin albashi, in gani in amince. Ya dube ni kamar na zagi wani nasa, ya ce da ganina na cika tambaya, su kuma mai aiki suke nema. Na tattara takarduna, na yi sallama, takalmina yana cakal-cakal. Na kai bakin matakala ke nan ya ƙwala mini kira.

"Ya akhi! Tunda sauka za ka yi, ga fanko guda huɗu nan a bayan ƙofa."