Juyi ɗaya ba ya gyara kowane karkacewa a bishiyar AVL

Bishiyar AVL tsari ne na ajiye lambobi a kwamfuta, ƙanana a hagu, manya a dama, wanda ake daidaita tsayin rassansa ta hanyar juyi idan ya karkace. Wani zai iya tambaya: "Ashe ba juyawa ɗaya ake yi zuwa ɓangaren da ya fi sauƙi ba?"

Wannan yana aiki ne a yanayi biyu kacal cikin huɗu. Bayan saka sabuwar lamba, ana hawa sama har a iske kulli na farko da bambancin tsayin rassansa ya kai 2. Idan lambar ta faɗa hagun ɗan hagu, wato LL, juyi ɗaya zuwa dama ya wadatar, RR kuwa kishiyarsa ne.

Matsalar tana ga LR, wato daman ɗan hagu, da RL, wato hagun ɗan dama, inda hanyar ta lanƙwasa. A saka 30, sannan 10, sannan 20. Idan aka juya 30 zuwa dama kai tsaye, 10 zai hau sama, 30 ya koma damansa, 20 ya rataya a hagun 30, karkacewar ta sauya ɓangare kawai. Daidai shi ne a fara juya 10 zuwa hagu domin hanyar ta miƙe, sannan a juya 30 zuwa dama, sai 20 ya zama saiwa, 10 a hagunsa, 30 a damansa. RL ma haka yake, da musanya hagu da dama.