Batirin sola: a daina tambayar farashi, a fara tambayar kwana nawa zai yi

A watan Afrilun da ya fi kowane zafi a gidana, batura huɗu masu ruwa da na saya da gumin goshina suka fara gaza kai mu asuba, alhali ba su cika shekara biyu ba. Da magariba infata za ta nuna sun cika, amma kafin ƙarfe ɗaya na dare sai ta fara ƙara, fanka ta tsaya, yara su farka suna juyi. Da na duba da safe, sai na ga cikin ɗaya daga cikinsu ya kumbura, farin gari ya taru a kan maƙalar waya, ɗakin kuma yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Mai shagon da ya sayar mini ya rantse cewa kayan na asali ne, kuma ban ƙaryata shi ba, domin daga baya na gane cewa ni ne na yi lissafin da bai dace ba tun ranar ciniki: na tambayi kuɗin batir, ban tambayi yawan wutar da zai ba ni kafin ya mutu ba.

Ra'ayina shi ne, duk magidancin da ke sauke batirinsa kowane dare ya sake cika shi da rana, batirin litiyam mai ƙarfe da fosfat, wanda ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP a jiki, shi ya fi masa, ko da kuwa ya fi tsada a ranar saye. Na dalma, irin masu ruwan da na saya, yana da sauran gurbinsa, haka ma na litiyam mai nikel da manganis da kobalt da ake kira NMC, amma gurbin nasu ba ɗakin ajiyar gidan da ke fama da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba ne.

Batirin dalma tsohon hannu ne, tun 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, kuma har yau shi ke tada kusan kowace mota mai aiki da fetur. Matsalarsa a aikin gida ita ce abin da aka rubuta a jikinsa ba shi ne abin da za ka iya sha ba. Batura huɗu masu bolt 12 da 200Ah suna ɗauke da wutar da ta kai 9.6kWh a takarda, wato yunit 9.6 irin wanda mitar wuta ke ƙirgawa, amma idan ana son su daɗe ba a wuce rabi, wato 4.8kWh kawai ke hannunka. Dalili kuwa shi ne duk lokacin da batirin ke sauka, wani gishiri mai suna salfet yana kwantawa a kan farantan dalmar da ke ciki, caji ne ke narkar da shi ya mayar da shi cikin ruwan. Idan aka zuƙe batirin sosai, ko aka bar shi kwana da kwanaki bai cika ba, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, daga nan ƙarfin batirin ya ragu ke nan har abada. Wannan shi ne abin da ke faruwa a damina da lokacin hazo, sa'ad da farantin sola ba ya samun isasshiyar rana, wutar gwamnati kuma ba ta zama ta kai sa'o'in da caji zai kammala. Mai son sanin halin da batirinsa ke ciki ya cire masa kaya, ya bar shi ya huta na 'yan sa'o'i, sannan ya auna: lafiyayye cikakke yana nuna kusan bolt 12.7, wanda ya sauka rabi kusan 12.1 zuwa 12.2. Wanda ya nuna ya cika amma ya faɗo warwas da zarar an kunna fanka biyu, wannan gishiri ya riga ya cinye shi.

Sai kuma zafi, wanda masu sayarwa ba su cika ambata ba. Alƙawarin da masana'antu ke rubutawa an gina shi ne a kan zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da ma'aikatan batir suka sani ita ce duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana yanke rayuwar batirin dalma gida biyu. Batirin dalma mai kyau, irin wanda ake kira tubula, zai iya yin zagayen caji da sauka dubu da ɗoriya a ɗaki mai sanyi, amma a shagon da ke ƙarƙashin kwano, inda zafi ke zama a digiri 35 ko fiye na tsawon watanni, kada mutum ya yi mamaki idan ya tsaya a ɗari bakwai. Zagaye ɗari bakwai kuwa, idan ana yi kullum, bai kai shekara biyu ba, daidai abin da ya same ni.

A ɗauki gida mai fanka uku da fitilu da talabijin da ƙaramin firij, wanda ke jan kimanin wat 400 na tsawon sa'a goma, wato 4kWh a kowane dare. Baturan dalma huɗun nan za su ɗauki wannan nauyi, kuma a zagaye 700 za su ba da jimillar 2,800kWh kafin a kira 'yan gwangwan. Batirin LFP guda ɗaya mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗauke da 5.12kWh, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da an cutar da shi ba, don haka shi ma zai ɗauki daren. Masu yin sa suna alƙawarin zagaye dubu huɗu zuwa dubu shida, amma tun da shi ma zafi yana tsofar da shi, mu rage masa zuwa dubu uku, wanda ya haura shekara takwas, ya kuma ba da 12,000kWh. Don sauƙin lissafi kawai, a ce na dalman naira miliyan ɗaya ne, na LFP kuma ninkinsa, miliyan biyu. Kowane kWh da na dalma ya ajiye maka ya tashi a kan kusan naira 357, na LFP kuwa kusan naira 167. Ko an cire kuɗin da za a samu idan aka sayar da matattun baturan dalma, ratar ba za ta rufe ba. Akwai kuma asarar da ba a gani: cikin wutar da aka zuba wa na dalma, kusan kashi ɗaya cikin biyar yana tafiya a zafi da tafasar ruwa, yayin da LFP ke mayar maka da fiye da kashi 90, abin da ke nufin farantin sola kaɗan zai ishe ka.

NMC fa? Fifikonsa ɗaya ne, kuma babba ne: yana tara wuta mai yawa a nauyi kaɗan, shi ya sa masu ƙera motocin lantarki masu dogon zango da kekuna da injinan hannu suke son sa. Amma batirin da za a jingina da bango ya shekara bai motsa ba, me ruwansa da sauƙin nauyi? A madadin wannan sauƙi mutum yana karɓar rayuwa mafi gajarta, yawanci zagaye dubu ɗaya zuwa dubu biyu, da tsadar nikel da kobalt, kobalt ɗin kuwa mafi yawansa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi. Ko kamfanin Tesla, a 2021, ya sanar da mayar da motocinsa masu matsakaicin zango kan LFP.

Abin da ya fi damuna game da NMC a cikin gida shi ne gobara. Idan ƙwayar batirin, wato ɗaya daga cikin ƙananan baturan da aka jera a cikin akwatinsa, ta huje, ko aka yi mata cajin da ya wuce kima, ko wuta ta haɗu a cikinta, zafinta yana hawa har ya kai matakin da ba ya komawa, wanda ke farawa a wajen digiri 200. A wannan mataki sinadarin da ke ciki yana sakin iskar oksijin, wato yana ciyar da wutar da kansa, kowace ƙwaya tana kunna maƙwabciyarta, kuma rufe shi da bargo ko watsa masa yashi ba ya kashe shi. A LFP oksijin ɗin yana ɗaure tamau da fosfat, sai zafi ya ƙara nisa sosai kafin ya kuɓuce, shi ya sa mafi yawan lalacewarsa ke tsayawa a kumburi da hayaƙi. Kada a ɗauka hayaƙin wasa ne, yana da guba kuma yana iya kamawa idan ya taru a rufaffen ɗaki. Na dalma ma ba waliyyi ba ne: yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi ɗaya ke iya fasawa, ruwansa yana ƙona fata, dalmar kuma guba ce. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke bakin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sanadiyyar farfasa tsofaffin batura da ake yi a cikin gidaje don ciro dalma.

Masu kare batirin dalma suna da hujjar da ba zan raina ba. Wanda miliyan ɗaya ce a hannunsa ba zai sayi na miliyan biyu ba, komai kyawun lissafina, kuma wanda wuta ke ɗauke masa sau ɗaya ko biyu a mako ba zai taɓa cinye zagaye dubu uku ba, tsufa ne zai kashe batirin kafin aiki ya kashe shi. Haka kuma batirin dalma kowane mai gyara ya san shi, na litiyam kuwa rayuwarsa tana rataye ne a kan wani ƙaramin allon lantarki da ake kira BMS, wanda ke daidaita ƙwayoyin, yana yanke wuta idan caji ko zafi ya wuce iyaka. Idan allon ya ƙone kuma babu mai canza shi a garinku, lafiyayyun ƙwayoyi sun zama kayan kallo.

Amma babban haɗarin da na gani a kasuwa shi ne kalmar litiyam kanta, wadda ake rufe kowace irin haja da ita. Akwai akwatunan da aka cika da ƙwayoyin NMC da aka ciro daga tsofaffin kayayyaki, aka yi musu sabon fenti, ake sayarwa da sunan sababbi. Lambar bolt tana tona asiri, domin ƙwayar LFP bolt 3.2 ce, goma sha shida a jere su ba da 51.2, goma sha biyar su ba da 48 cif, alhali ƙwayar NMC kusan bolt 3.7 ce, don haka akwatinta kan nuna 48.1 ko 51.8. Sikeli ma shaida ne, saboda LFP na gaskiya mai 5kWh yana kai kilo 45 zuwa 50, kuma duk wanda ka ɗaga da hannu ɗaya ka ji shi sakayau, ko dai ba LFP ba ne ko kuma ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Bayan an kawo shi gida, a sa mai haɗawa ya sauya saitin infata daga na dalma zuwa na litiyam, ya kashe cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa batura masu ruwa lokaci-lokaci don daidaita su, ya kuma tsayar da cikar caji ƙasa da bolt 58.4 ga mai ƙwaya goma sha shida. Sannan a cika batirin, a kunna kayan da aka san yawan wutar da suke ja, a duba agogo: akwati mai 5.12kWh da aka ɗora wa wat 500 ya kamata ya haura sa'a takwas, kuma idan ya mutu a sa'a biyar, a mayar wa mai shi tun rasit bai tsufa ba.