Ba kowane ƙaiƙayi ne borin jini ba, dan Allah mu kula

Yan uwana matasa, akwai ɗabi'ar da ta zame mana jiki a garin nan, da jikin mutum ya fashe da ƙuraje sai kowa ya zama likita, a ce ai borin jini ne, a sha Firiton a shafa manja a kwanta. Wallahi wannan gangancin ya kusa raba mu da ƙanwata a watan jiya shi ya sa na kasa yin shiru.

An ba ta Saftirin a wani kemis nan Tudun Wada saboda fitsari na mata zafi. Ta yi kwana takwas tana sha lafiya lau, rana ta tara sai ga ƙananan ƙuraje kamar na ƙyanda a ƙirji da baya, washegari sun sauka hannuwa da cinyoyi duka ɓangarorin biyu. Ba wanda ya kawo maganin a ransa tunda ai ta daɗe tana sha, har cewa aka yi ta ƙarasa shi. To nan muka yi kuskure, don ƙurajen magani dama haka suke, sai an yi kwana 4 zuwa 14 da fara shan sa suke fitowa, wani lokaci ma bayan an gama. Amoksisilin, Saftirin, Fansida da wasu magungunan farfaɗiya sun yi suna a kan haka.

Shi borin jini daban yake. Fata ce ke tasowa tudu-tudu kamar an zane ka da bulala ko sauro ya yi maka taron dangi, ga ƙaiƙayi kamar ka cire fatar, amma baya zama wuri ɗaya. Ɗauki biro ka zagaye guda ɗaya da safe, in borin jini ne kafin awa 24 cikin da'irar ya baje ba ko tabo, wani ya fito a wani wajen. Na ƙanwata kwana uku suna nan inda suke sai ƙaruwa. Kuma kar ka tsaya neman ja, a baƙar fatarmu jan baya fitowa sosai, shafa da hannu ka ji tudun.

Abin da ya tashe mu tsaye shi ne zazzaɓi ya rufe ta, idonta ya yi jawur, leɓe ya fara tsagewa ko kunu ta kasa haɗiya, tana cewa Yaya fatata zafi take min ba ƙaiƙayi ba. Da muka kai ta asibiti likita ya tsayar da maganin nan take ya ba ta gado, ya ce irin wannan ne ke kai fata ta yi bororo ta saluɓe kamar ƙuna. Duk mai shan magani da ya ga ƙuraje tare da zazzaɓi, gyambon baki ko na al'aura, jan ido ko kumburin fuska, kar ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, ya tafi asibiti ranar.

Sai ɗayan haɗarin, wanda shi ko awa baya jira. Borin jinin kansa in ya taso cikin mintuna bayan allura, ko magani, ko cin gyaɗa ko kifi, ko harbin zuma, ka duba bakin mutum ka saurari muryarsa. Leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dishe, numfashi na ƙara kamar ana fito, yana amai ko jiri na ɗibarsa, wannan ba na Firiton bane, Firiton ƙaiƙayi kawai yake ragewa baya buɗe maƙogwaro. Allurar adirenalin ce maganinsa, a tsokar cinya ake yi, 0.5 miligiram ga babba, a maimaita bayan minti 5 in bai dawo daidai ba. Ku kwantar da shi ku ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa ya zauna, amma kar a miƙar da shi tsaye ya taka da ƙafarsa saboda jininsa ya riga ya sauka, zai iya yanke jiki ya faɗi, kuma kar a ɗura masa madara ko manja. A ɗauke shi a sa a mota ko Keke Napep zuwa asibiti mafi kusa, ko Dantsoho ne ko Barau Dikko in a nan Kaduna kuke, a tafi da kwalin abin da ya sha. Ko ya warware kar ku matsa a sallame shi, abin kan dawo bayan wasu awanni.

Ƙanwata ta yi kwana goma sha ɗaya kafin a sallame ta, har yanzu da tabo a bayanta. Na rubuta mata sunan maganin a takarda ta sa a bayan wayarta, likita ya ce har Fansida ta guje shi tunda danginsu ɗaya.