Kun sayar mini da firinta, kun riƙe harshenta a aljihunku

Wallahi abin da wasu kamfanonin firinta suke yi wa masu amfani da Linux ya wuce sakaci, raini ne tsagwaronsa. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi inji, ya shiga shafin kamfanin neman direba, sai ya tarar da na Windows, wani lokaci da na Mac, shi ke nan. Mu sauran ko oho. A wajen karɓar kuɗi babu wanda ya tambaye ni wace irin kwamfuta nake da ita, sai da aka zo wajen aiki aka nuna mini ni ba kowa ba ne.

Shagon buga takardu nake da shi kusa da wata makaranta. Na koma Linux ne saboda dalili biyu da duk mai irin wannan sana'a ya sani: filas ɗin kwastomomi da ke zuwa cike da ƙwayoyin cuta, da kuma tsofaffin kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba, ga shi an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Komai ya zauna daram sai ƙaramar firintar nan mai hoda, baƙi da fari, mai wayar USB kawai. Da zan saye ta na tambayi mai shagon da ke sayar da ita ko tana aiki da Linux. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Haba Alhaji, kowace kwamfuta tana ɗauka, ka je kawai ka jona." Allah Ya isa ban ce ba, amma na kusa.

A Linux, CUPS ne ke kula da bugawa. Michael Sweet ne ya rubuta shi, ya fito a 1999, Apple ta saye shi a 2007, yanzu kuma OpenPrinting ke ci gaba da wanda muke amfani da shi. Ana shiga ta burauza a `localhost:631`, a je Administration, a danna Add Printer. Idan ya ƙi karɓar kalmar sirrinka a Ubuntu ko Debian ko Mint, ba ka cikin rukunin `lpadmin` ne, sai ka saka kanka, ka fita ka sake shiga:

```
sudo usermod -aG lpadmin $USER
```

To, CUPS ya ga firintar sarai, har da sunanta da lambarta. Sai ya buɗe jerin direbobi mai tsawon gaske, tawa babu. Nan ne yawancin mutane suke faɗawa rami, domin shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a zaɓi Generic, a ɗauki PCL 5e ko PCL 6 ko PostScript. Shawarar tana aiki ga manyan injinan ofis, saboda su suna da ƙwaƙwalwar da ke karanta waɗannan harsuna ta zana shafi da kanta. Ga irin tawa kuwa ɓata lokaci ne. Na tura shafin gwaji, fitilar ta yi ƙyafta ɗaya ta koma ta yi tsit. Na duba Jobs, wai `completed`. An kammala me? Takarda na nan kwance a tire, ɗalibi na tsaye a kaina yana jiran silif ɗin jarrabawarsa, janareto na shan mai, kwamfuta kuma na ce mini an gama. Abin da CUPS yake nufi da kalmar nan shi ne ya tura bayanai ta waya kuma an karɓa. Ko injin ya fahimta, ko ya watsar, wannan ba ya sani. Wata firintar ma gara tawa: ita jan takarda za ta yi ta yi, tana buga layi ɗaya na tarkacen alamomi a saman kowane shafi, har sai ka zare wuta.

Dalilin duk wannan shi ne rowa. Don a rage kuɗin ƙira, sai aka cire wa ƙananan firintocin nan ƙwaƙwalwar zana shafi. Kwamfuta ce ke zana komai, ta mayar da shi ɗigo-ɗigo, ta matse, ta aika cikin wani tsari na sirri da direban Windows kaɗai ya sani. Rage kuɗin ban ƙi ba, mu ma araha muke nema. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɓoye tsarin. Ba ku son wahalar rubuta direba? To ku wallafa bayanin, akwai masu rubutawa kyauta. Sun ƙi. Kamar a sayar maka da ɗaki ne a tafi da makullin.

Abin da ya kamata a fara dubawa, kafin a ɓarnatar da takarda ko ɗaya, shi ne abin da firintar ke faɗa da bakinta. Kowace firintar USB tana da ɗan layin gabatar da kai, kuma wannan umarni yana fito da shi:

```
sudo lpinfo -l -v
```

Ka nemi wurin da aka rubuta `device-id`. Za ka ga `MFG:` sunan kamfani, `MDL:` samfurin, sai `CMD:` wanda shi ne magana. Nan take lissafa harsunan da take ji. In ka ga `PCL` ko `PCLXL` ko `POSTSCRIPT`, ka huta, Generic zai yi maka. In ka ga `URF` ko `PWGRaster`, ka fi kowa sa'a, domin alama ce ta sababbin injinan da ba sa bukatar direba sam. Irin waɗannan, in suna kan waifai ko wayar sadarwa, layi ɗaya ya wadatar, ka sa adireshin taka a madadin wannan:

```
lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere
```

In kuma ta USB ce, manhajar `ipp-usb` ke sa kwamfuta ta ɗauke ta kamar tana kan sadarwa. Tawa fa? Abin da ke gaban `CMD:` shi ne `ZJS`. Babu PCL, babu PostScript, babu komai. ZjStream ke nan, tsarin wani kamfani mai suna Zenographics da masu ƙera firinta da dama suka ara.

Wanda ya cece ni ba kamfanin da ya ci kuɗina ba ne. Wani bawan Allah ne, Rick Richardson, da ya zauna ya warware tsarin ya rubuta `foo2zjs`. Haka sauran suke: `brlaser`, `splix`, Gutenprint, duk aikin 'yan sa-kai ne, kowanne da dangin injinan da yake ji da su. Na girka, na nemi abin da ya dace:

```
sudo apt install printer-driver-foo2zjs
lpinfo -m | grep -i zjs
```

Sunan tawa ya fito a jerin. Wanda nasa bai fito ba yana iya gwada samfurin da ya fi kusa da shi a dangi ɗaya, tun da sau da yawa cikin injin ɗaya ne, lamba kawai aka sauya. Amma fa dangi ɗaya, ba wai kamfani ɗaya kawai ba, domin kamfani guda yana iya yin injuna masu harsuna uku ko huɗu da ba sa jin juna. Na koma Add Printer, na zaɓi direban, na mayar da girman takarda A4, don in ya zauna a Letter ƙasan shafi zai riƙa yankewa ko rubutu ya goce. Na tura gwaji. Shiru.

A nan ne na kusa jefa ta waje. Ashe rowar ba ta tsaya a ƙwaƙwalwar zane ba. Ita kanta manhajar da ke tafiyar da injin ba a ajiye ta a cikinsa ba. Duk lokacin da aka kunna firintar, fanko take tashi, sai kwamfuta ta ɗura mata wannan fayil ta USB kafin ta san ita firinta ce. A Windows direba ke yin haka a ɓoye, shi ya sa ba wanda ya lura. Fayil ɗin kuma mallakar kamfani ne, masu Linux ba su da izinin haɗa shi cikin kunshinsu, dole kai ka sauko da shi da umarnin `sudo getweb` tare da lambar samfurinka, sannan ka kashe firintar ka kunna. Yadda za ka gane ya shiga: za ka ji injin ya yi gurnani ya juya na ɗan lokaci, fitila na ƙyaftawa, kuma in ka sake duba `device-id` za ka ga an ƙara `FWVER:` da lamba a gabansa. Babu `FWVER`, babu bugu, ko da CUPS ya rantse maka ya kammala.

Yanzu ku dubi wannan ƙira da idon mai shago a Kano. Wanda ya zana injin nan yana zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa. Mu nan a ɗauke, a kawo, a koma janareto, a dawo NEPA, duk kafin azahar. Kowace ɗaukewa, firintar ta manta komai. Yawanci kwamfuta na sake ɗura mata da kanta da zarar ta gan ta, amma in wutar ta yi wasa tana tsakiyar karɓa, sai ta sandare, sai an kashe ta an ɗan jira an kunna. Wani lokaci kuma CUPS ya dakatar da layin bugun gaba ɗaya ya rubuta `Paused`, ayyuka su taru a baya, yaron shago ya yi ta danna Print yana ƙara tara su. Ranar da aka sake ta, takardar mutum ɗaya ta fito sau bakwai. Maganin shi ne a share layin tukuna, a tashe ta, a kuma gaya wa CUPS ya riƙa sake gwadawa maimakon tsayawa:

```
cancel -a Shago
cupsenable Shago
lpadmin -p Shago -o printer-error-policy=retry-job
```

`Shago` sunan da na ba tawa ne. In kuma abin da ka gani `Filter failed` ne, matsalar tana cikin kwamfuta, ba a injin ba. Ka kunna `cupsctl --debug-logging`, ka sake turawa, ka karanta `/var/log/cups/error_log`, galibi zai nuna maka abin da ya ɓace.

Tana bugawa yanzu, alhamdu lillahi. Amma ko a ranar da na haɗa ta sai da `lpadmin` ya watso mini gargaɗi: `Printer drivers are deprecated and will stop working in a future version of CUPS`. Wato tsohon tsarin direbobi ma hanyar fita yake, an nufi inda kowace firinta za ta yi magana da IPP Everywhere, tsarin bugawa ba tare da direba ba. Na san an tanadi wata hanya ta riƙe tsofaffin injuna, kuma ban zargi masu CUPS ba, gaskiyarsu ce, sun gaji da bin kamfanoni suna roƙo. Sai dai kasuwarmu cike take da irin tawa, sababbi da 'yan kwatano, kuma mu ne za mu sake zaman gyara.

Na koma wajen mai shagon da zan ƙara ta biyu, wannan karon da laftof ɗina a hannu. Na ce a jona kafin mu yi ciniki. Ya ce, "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce masa na yarda da shi, injin ne nake son ji daga bakinsa. Biyu na farko da ya kawo babu PCL, babu URF, a kwalinsu ma babu tambarin AirPrint ko Mopria da ke nuna inji ba ya bukatar direba. Na ce ya mayar da su kanta. Ta ukun ta fi su tsada sosai, har yanzu muna ja-in-ja a kan kuɗinta.