Kunne ba ya ganin rawanin baƙo

Wata Laraba ina cikin Keke Napep daga Kwangila zuwa Samaru, direban ya kamo wani shirin noma a rediyo, sai na ji mai gabatarwa ya shafe kusan minti guda yana jero wa baƙonsa muƙamai: Alhaji, Farfesa, tsohon shugaban sashe, mai riƙe da sarauta kaza a garinsu. Sunan bawan Allahn ya nutse a tsakiyar kirari, kuma sai da muka kusa ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello na gane cewa a kan tsutsar masara za a yi magana.

A talabijin ana rubuta sunan baƙo a ƙasan allo, mai kallo ya duba duk lokacin da ya so. Mai sauraren rediyo kuwa abin da ya wuce kunnensa ya wuce ke nan, ga shi yawanci hannunsa na kan wani aiki. Shi ya sa nake ganin ya kamata a juya tsarin da muka saba da shi, a fara da matsalar da ta dami mai sauraro, a kawo dalili guda da ya sa wannan mutumin ya cancanci magana a kanta, sannan suna ya zo daga ƙarshe, inda ya fi zama a kunne.

Da ni ne da na ce: "Tun 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓulla a Najeriya, manoma ke tambayar lokacin da ya dace a yi feshi. Baƙonmu masanin ƙwarin amfanin gona ne, Farfesa wane. Ranka ya daɗe, barka da zuwa." Wannan ba ya wuce daƙiƙa 20, kuma gaisuwar tana da aikinta, domin da zarar ya amsa, kunne ya ɗaura muryar a kan sunan. Idan baƙin biyu ne, kowa ya amsa tasa gaisuwar kafin a ambaci na gaba, in ba haka ba mai sauraro zai yi ta laluben wane ne wane har shirin ya ƙare.

Na san za a ce a ƙasar Zazzau tsallake sarautar mutum ba ƙaramin laifi ba ne, kuma gaskiya ne. Maganinsa shi ne a tambayi baƙo tun kafin a buɗe makirfo wane laƙabi guda yake so a kira shi da shi, da yadda ake furta sunansa, sauran kuma a cika masa su wajen godiya a ƙarshen shiri.

Akwai wani kuskuren da ya zo da sanya shirye-shirye kai tsaye a Facebook, inda mai gabatarwa zai dubi kyamara ya ce "ga baƙon namu kuna ganinsa", ya manta da mai laluben tasha a ƙaramar rediyo mai batir. Irin wannan mai sauraron sau da yawa a tsakiyar hira yake shigowa, saboda haka bayan kowace talla sai a sake faɗa masa cikakken sunan baƙon da abin da ake tattaunawa a kai.