Yadda Na Rubuta Katun ɗin Gaskiya, Asirina Ya Tonu a Gida

Ɗan ƙanwata Nura ya dawo daga Kaduna da laftof da wani allo da yake zane a kansa da alƙalami marar tawada. Wata rana bayan la'asar muna zaune ƙofar gida a unguwar Mabera cikin Sakkwato, ya ce yana son yin katun na yara da Hausa, amma ba shi da labari. Ni kuwa malamin firamare ne shekara goma sha huɗu, kuma babu abin da na fi faɗa wa yara kamar "ku riƙa faɗin gaskiya". Na gyara hula na ce, "Wanga ai ba aiki ba ne. Ka ba ni kwana biyu."

Kwana biyun nan sati uku suka zama. Duk ranar da ya kira sai in ce saura ɗan gyara, alhali ko suna ban raɗa wa labarin ba. Da ƙarya na soma aikin koyar da gaskiya, amma lokacin ban lura ba.

Labarin da na samo daga ƙarshe mai sauƙi ne. Wani yaro, Buba, ya cinye ƙuli-ƙulin da innarsa ta ajiye don sayarwa, ya ce jar akuyarsu ce ta ci. Na rubuta shafi 22 da hannuna, na hau kabu-kabu na kai wa Nura a Gawon Nama ina ji da kaina. Ya juya takardun, ya dube ni, ya ɗauko waya ya soma lissafi.

"Kawu, a wannan sana'a shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Ka rubuto min minti 22."

Na ce to mi ya yi zafi, ai yara sun fi son mai tsawo. Sai ya yi min bayanin da ya sa na nemi wurin zama. A fim, hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Masu katun sukan rage wa kansu wahala su zana 12, kowane zane ya tsaya sau biyu. Minti 22 ɗina, in da hannu za a bi shi, zane 15,840 ke nan. Ko minti biyar ɗin da shi yake nufi tun farko, zane 3,600 ne. Ya ce shi ba haka zai yi duka ba, zai yanka jikin kowane ɗan wasa gaɓa-gaɓa ya riƙa motsa su kamar 'yar tsana, amma ko hakan, kowane motsi sai ya zauna a kansa, ga wutar da ake ɗaukewa tun kafin laftof ɗin ya cika.

Daga nan ya koma kan bayanin 'yan wasa. Abin da na rubuta shi ne: "Buba yaro ne mai hankali amma shaiɗan yakan rinjaye shi." Nura ya miƙo min alƙalami ya ce in zana masa hankali. Na ce kar ya raina ni. Ya ce ba raini ba ne, shi ba ya iya zana hali, siffa yake zanawa. Yana son ya san shekarun Buba, da launin rigarsa, da tsawonsa in an auna da kansa. Ashe masu zane da kai suke auna mutum: babba na gaske yakan kai kai bakwai da wani abu, yaron katun kuwa kai uku ya ishe shi, don katon kai da manyan idanu su ke sa a gane abin da fuska ke faɗa tun daga nesa. Ya ce kuma a shafe kowa da baƙi ya zama inuwa zalla, in ba a bambance Buba da ƙanwarsa ba, zanen bai yi ba.

Muka sake shi tare. Buba ɗan shekara bakwai, tsawon kai uku, riga shuɗiya marar ado wadda ta yi masa yawa, haƙori ɗaya na gaba ya fita, hula kullum a karkace hagu. Inna doguwa, zane ruwan goro, ɗankwali mai tsini a sama. Akuya ja ce irin tamu ta Sakkwato, mun sa mata suna 'Yar Ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

Wanda ya fi min ciwo shi ne Malam Liman. Na ba shi babbar riga mai aska takwas da hula mai zube, da wa'azi shafi biyu cur a ƙarshe. Nura ya ce wannan ɗinkin duk sanda malam ya ɗaga hannu sai an bi shi an gyara, shi kuwa yana son ya yi aure da idonsa lafiya. Ya cire askar. Da ya karanta wa'azin da babbar murya muka auna da agogo, sai da ya ci minti biyu da wani abu mutum yana tsaye baki kawai ke motsi. Ya cire malamin gaba ɗaya. Ban yi gardama sosai ba, don ni ma na yi hamma a tsakiya, kuma ni na rubuta.

Haka aka yi da kasuwa. Na rubuta: "Babbar kasuwar Sakkwato ta cika maƙil, raƙuma na wucewa." Layi ɗaya ne a wurina, ban ɓata ko tawada ba. Nura ya ce a wurinsa mutum hamsin ne da dabba mai ƙafa huɗu, kuma tafiyar mai ƙafa huɗu tana cikin abin da ke sa masu zane kuka. Kasuwa ta koma rumfa ɗaya da dillali ɗaya, sauran jama'a a murya kawai za a ji su. Ita ma 'Yar Ja aka yanke mata hukuncin kwanciya. Duk fim ɗin tana kwance tana tuƙa, kunne da baki kawai ke aiki.

Inda na fi shan wuya shi ne fitowa ta uku, wurin ƙaryar kanta. Na rubuta: "Buba ya ji kunya a ransa." Nura ya ja layi a ƙarƙashin "a ransa" ya ce kyamara ba ta shiga rai. Ya ce dole yaron da ke kallo ya riga Inna sanin cewa ƙarya ce, kuma da idonsa zai gane ba tare da an gaya masa ba. Kwana biyu ina lura da 'yan ajina, musamman masu cewa sun manta littafi a gida, har na samu abin da nake nema. Ga yadda fitowar ta koma:

FITOWA TA 3. TSAKAR GIDA, RANA. Hoto daga nesa: Inna tsaye da kwano, 'Yar Ja kwance gindin darbejiya. Hoto kusa: Inna ta ɗaga murfi, kwano wayam. INNA: "Buba, wa yac ci ƙulina?" Hoto kusa da fuskar Buba: ɓurɓushin ƙuli a gefen bakinsa na dama. Ya dubi ƙofa, ya sosa ƙeya, ya nuna akuya ba tare da ya kalle ta ba. BUBA: "'Yar Ja ta." Shiru na daƙiƙa biyu. 'Yar Ja ta daina tuƙa, kunnen da ke tsaye ya kwanta.

Shirun nan Nura ne ya dage a kansa. Ya ce wurin dariyar yara ke nan, in aka cika shi da magana dariyar ba ta samun ƙofar fita. A fitowa ta huɗu Inna ta ce gobe za a kai 'Yar Ja kasuwa tunda ta zama ɓarauniya. A ta biyar Buba ya ga dillali ya ɗaura mata igiya, sai ya cire hularsa ya faɗi gaskiya. Na so Inna ta ɗauko tsumagiya, don a yarintata haka aka yi. Nura ya ce in yaro ya faɗi gaskiya aka zane shi, 'yan kallo za su koyi cewa gara a bar akuya ta tafi. Sai muka sa Inna ta durƙusa daidai tsawonsa, ta goge masa baki da gefen zane, ta sa shi ɓare gyaɗar da za a yi wani ƙulin.

Murya ake fara ɗauka kafin zane, don a daidaita buɗewar baki da sauti. Wannan ma sabon ilimi ne a wurina. Ɗiyata Nana, 'yar shekara takwas, ita ta yi muryar Buba. Muka rufe ɗaki a watan Afrilu, muka kashe fanka saboda ƙararta na shiga waya, muka rataye bargo a taga. Wanda ya san zafin Sakkwato a wannan wata ya san abin da muka aikata wa kanmu. Sau tara muka maimaita fitowa ta uku, sau ɗaya saboda janaretan maƙwabci, sau biyu saboda mai tallan hura, sauran saboda Nana na fashewa da dariya. Kafin mu fito ta haddace rubutun har da bayanan hoto.

Daren nan na zauna gyara shafin ƙarshe, kowa ya yi barci, yunwa ta taso. A saman firij akwai kwanon dambun nama da maman Nana ta yi wa mahaifiyarta, za a kai Wamakko da safe. Na ce ɗanɗanawa kawai zan yi. Ina rubuta layin Buba na neman gafara ina ɗiba, ina gyara waƙafi ina ɗiba, sai yatsana ya taɓa gindin kwano. Na mayar da murfi a hankali, na daidaita shi yadda na same shi, na kwanta.

Da safe ina shan koko sai na ji, "Malam, wa yat taɓa dambun Hajiya?"

Na ce ai magen nan ta maƙwabta ta addabe mu kwanan nan. Na faɗa da natsuwa irin ta malamin makaranta. Nana na zaune kan tabarma tana ɗaura takalmi, ta ɗago ta ƙare min kallo.

"Mama, ya dubi ƙofa."

Na sauke hannuna da sauri, don ashe ya riga ya kai ƙeya.

"Kuma ya sosa. Baba, mage tana mayar da murfi?"

Na ce magen yanzu ba irin ta da ba ce. Ta taso ta matso daf da fuskata, ta ce da uwarta, "Hoto kusa." Ta sa yatsa biyu ta zaro silin dambu daga gemuna, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Sannan ta sa mana shiru na daƙiƙa biyu, tana ƙirgawa da yatsu.

Maman Nana ba ta durƙusa daidai tsawona ba, ba ta goge min baki ba. Jaka ta miƙo min ta ce kilo biyu, marar kitse, kuma in dawo kafin azahar don ni zan daka. Ina kan kabu-kabu hanyar mahauta Nura ya kira, yana tambaya ko na gama shafin ƙarshe. Na buɗe baki zan ce saura ɗan gyara, sai na waiga baya tukuna.